Kwalba ɗaya cikin minti 20: Yadda saurin shan barasa ke kai mutum lahira

Batun da na kawo yau ba kasafai ake son tayar da shi a gidajenmu ba, amma wani abu da ya faru a gabana ya sa na ga bai kamata in yi shiru ba.

Wani dare wajen ƙarfe 10, muna shirin rufe shagon maganin da nake aiki a nan Kuje, sai ga wata dattijuwa ta shigo da sauri, mayafinta a hannu. Ta ce in ba ta maganin amai da farasitamol, ɗanta ne ba shi da lafiya, tana jin zazzaɓin cizon sauro ne.

Na ce, "Mama, jikinsa da zafi?"

Ta ce, "A'a 'yata, sanyi ƙalau ma yake."

Na ce, "In kin kira sunansa yana amsawa?"

Ta yi shiru. Can sai ta ce barci yake yi, har da minshari, ta jijjiga shi bai tashi ba, kuma ya yi amai a kan katifa yana kwance. Da na tambaye ta ko ta ji wani wari a bakinsa, sai ta sunkuyar da kai ta ce, "Don Allah ki rufa mini asiri. Babansa bai sani ba."

Ban ba ta maganin amai ba. Na ce ta kira wanda ke gida a waya yanzu ya juyar da yaron ya kwanta a gefensa, sannan a nemi mota a kai shi asibiti ba tare da jiran wayewar gari ba. Allah Ya taimaka aka kai shi a kan lokaci. Bayan kwana biyu yayansa ya zo ya ba ni labarin yadda abin ya faru, kuma da wannan labarin zan yi bayanina na yau.

Mene ne shan barasa na kambacawa?

Idan aka ce wane mashayi ne, abin da ke zuwa a ranmu shi ne mutumin da kullum yana cikin maye, wanda ya shekara da shekaru yana sha har hantarsa ta lalace. Akwai wani nau'in shan daban da likitoci suka ware masa suna da ma'auni, wato kambaɗa wa ciki barasa mai yawa a zama guda. Mai yin haka zai iya yin wata guda bai taɓa ta ba, ranar da ya taɓa kuwa sai ya wuce gona da iri. Abu biyu ake dubawa: yawan abin da aka sha, da tsawon lokacin da aka ɗauka ana shan.

Cibiyar NIAAA ta ƙasar Amurka, wadda ke binciken illolin barasa, ta fitar da ma'auninta a shekarar 2004. Ta ce shi ne irin shan da ke kai barasar da ke cikin jini zuwa miligiram 80 a kowane mililita 100 na jini. Ga matsakaicin mutum, hakan na faruwa ne idan namiji ya sha kimanin giram 70 na tsantsar barasa, mace kuma kimanin giram 56, a cikin awa 2. Ita kuwa Hukumar Lafiya ta Duniya tana ƙidaya duk wanda ya sha giram 60 ko fiye a zama ɗaya, ko da sau ɗaya ne cikin kwana 30, a matsayin wanda ya shiga wannan rukuni.

Kada a ɗauka cewa abin da bai kai wannan ma'auni ba lafiya lau ne. A farkon shekarar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa ƙarara cewa babu wani adadin barasa da za a ce ba ya cutar da lafiya. Ma'aunin dai alama ce ta inda haɗari na nan take yake farawa: hatsarin hanya, faɗa, faɗuwa, da kuma guba.

Giram 60 nawa ne a kasuwar Kuje?

Ba wanda ke sayen barasa da giram, don haka bari mu mayar da lissafin zuwa abin da ake gani a kan teburin masu sayarwa a bakin tasha. A jikin kowace kwalba ko leda akwai lambobi biyu: yawan ruwan da ke ciki, da ƙarfin barasar, wanda ake rubutawa kamar 5% ko 40%. Sai a ɗauki wannan kason daga cikin yawan ruwan, a ninka abin da ya fito da 0.8, domin barasa ba ta kai ruwa nauyi ba. Amsar ita ce giram.

Babbar kwalbar giya mai mililita 600, wadda ƙarfinta kashi 5 ne cikin 100, tana ɗauke da mililita 30 na tsantsar barasa, wato kusan giram 24. Kwalba uku sun haura giram 70 ke nan. Baƙar giya mai ƙarfin kashi 7 da rabi tana da kimanin giram 35 a babbar kwalba, don haka kwalba biyu sun isa.

Inda abin ya fi ɗaure kai shi ne ƙananan mazubai. 'Yar ledar nan ta barasa mai zafi, mai mililita 30 da ƙarfin kashi 40, tana da kusan giram 9 da rabi. Leda bakwai sun wuce giram 60, alhali ruwansu gaba ɗaya bai kai rabin ledar fiya wata ba. Ƙaramar kwalbar roba mai mililita 200, wadda ke shiga aljihun wando ba wanda ya sani, tana da kimanin giram 63. Wato kwalba ɗaya tak ta haye ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya. Kafin mutum ya shanye babbar kwalbar giya uku, kusan lita biyu ke nan, cikinsa zai cika ya tilasta masa sassautawa. Mililita 200 kuwa kurɓi kaɗan ne.

Wannan na cikin dalilan da suka sa Hukumar NAFDAC, ƙarƙashin Farfesa Mojisola Adeyeye, ta sa ƙananan mazuban a gaba. Tun a watan Disamban 2018 aka cimma yarjejeniya da kamfanoni cewa za a daina zuba barasa a leda da ƙananan kwalabe cikin shekara biyar, kuma a watan Fabrairun 2024 hukumar ta sanar da fara aiwatar da haramcin, abin da ya jawo zanga-zanga daga ɓangaren masana'antu. Hujjar hukumar ita ce arha da sauƙin ɓoyewa sun sa yara da direbobi na samun ta ba wahala.

Burukutu da ogogoro da ake yi a gida ba su da rubutu a jiki kwata-kwata, don haka mai shan su ba ya da hanyar sanin abin da ya zuba wa cikinsa. Ogogoro musamman, ƙarfinsa yakan kai ko ya wuce na barasar kamfani mai zafi.

Me ya sa ake sa lokaci a cikin lissafin?

A ɗauki jiki kamar tanki mai babbar hanyar shiga da 'yar ƙaramar hanyar fita. Barasa ba ta buƙatar narkewa kamar tuwo. Kaɗan daga cikinta kan shiga jini tun daga tumbi, amma mafi yawanta a ƙaramin hanji take shiga, kuma a can shigarta da sauri ne ƙwarai. Tsakanin tumbi da hanji akwai wata ƙofa da kan tsuke idan akwai abinci a ciki, musamman mai maiƙo ko nama. Idan cikin ba kowa, ƙofar a sake take, barasar ta zarce hanji kai tsaye. Gauraya ta da lemo mai gas shi ma yakan ƙara mata saurin wucewa.

Hanyar fita kuwa hanta ce. Fiye da kashi 90 cikin 100 na barasar da aka sha hanta ce ke sarrafa ta, ɗan abin da ya rage ne ke fita ta numfashi da fitsari da gumi. Sinadaran hantar da ke wannan aiki sukan cika da aiki tun daga ɗan abin da aka fara sha, don haka ba su da halin ƙara sauri. A wurin matsakaicin mutum, abin da suke iya cirewa bai wuce giram 6 zuwa 8 a awa ɗaya ba, wato ƙasa da leda guda. Ko leda biyu aka sha ko ashirin, tafiyar hanta ɗaya ce. Duk abin da ya shigo fiye da haka sai ya taru a jini, jini kuma ya kai shi ƙwaƙwalwa.

Lissafin yaron nan

Shekarunsa kusan 20, siriri ne, nauyinsa bai fi kilo 60 ba. Ranar ya wuni yana aiki, ban da shayi da burodin safe bai ci komai ba. Da aka biya su kuɗi bayan isha'i, sai abokai suka ja shi bayan wani kango. Aka yi musu a kan wanda zai riga shanye kwalbar roba mai mililita 200. Ya shanye, aka yi masa tafi, ya ɗora da leda biyar. Duka wannan cikin kamar minti 20, domin yana sauri ya koma gida kafin mahaifinsa ya rufe ƙofa.

Kwalbar giram 63, ledoji biyar kimanin giram 47, jimla giram 110. Barasa a cikin ruwan jiki take bazuwa, kuma akwai wani tsohon lissafi da masanin ƙasar Suwidin Erik Widmark ya samar, wanda har yanzu ake amfani da shi: a ninka nauyin namiji da 0.68, na mace da 0.55, sannan a raba giram ɗin barasar da abin da ya fito. Ga yaron nan, 60 sau 0.68 ya ba mu kusan 41. Idan aka raba 110 da 41, za a samu kusan giram 2.7 a kowace lita, wato kimanin miligiram 270 a mililita 100. Ƙiyasi ne, domin jiki ya bambanta da jiki, amma ya isa ya nuna mana inda yaron ya kai: fiye da ninki uku na miligiram 80 da muka ambata.

Ga abin da waɗannan lambobi ke nufi a jikin wanda bai saba ba. A wajen 50, hukunci da taka-tsantsan sun fara raguwa. A 80, ido da hannu sun daina aiki tare yadda ya kamata. Daga 150 zuwa 200, sai tangaɗi da harɗewar harshe da amai. Idan aka doshi 300, mutum na iya suma. Daga 400, mutuwa na kusa. Mawaƙiyar Birtaniya Amy Winehouse, wadda aka tsinci gawarta a gidanta da ke Landan a watan Yulin 2011 tana da shekara 27, binciken kotu ya nuna akwai miligiram 416 a jininta. An kuma bayyana cewa ta yi 'yan makonni ba ta sha ba kafin ta koma ta sha da yawa.

Domin a ga rawar da lokaci ke takawa, a ɗauka kwalbar nan kaɗai yaron ya sha. Idan ya ɗaga ta cikin minti 10 a kan yunwa, jininsa zai doshi 150. Idan kuwa wannan adadin ya shiga jiki a hankali cikin awa 6, hanta na rage kimanin 15 a kowace awa, to da ƙyar zai wuce 60 ko 70. Kwalba ɗaya, mutum ɗaya, amma sakamako ya ninka. Mace mai kilo 55 da ta ɗaga wannan kwalba lokaci guda za ta haura 200, saboda ruwan jikin mace bai kai na namiji yawa ba. Shi ya sa ma'aunin mata ya fi ƙasa.

Haka kuma, miligiram 270 na buƙatar kimanin awa 18 kafin ya fita. Wanda ya sha haka da dare, ya tashi da asuba ya hau babur ya ɗauki fasinja zuwa Gwagwalada, har yanzu barasar da ke jininsa ta fi ta mutane da yawa da ake kira bugaggu.

Ya shigo da ƙafarsa

Abin da ya ruɗi mahaifiyar shi ne, wajen ƙarfe 9 yaron ya shigo gida da ƙafarsa, har ya yi sallama, ya wuce ɗaki. To ta yaya bayan awa ɗaya zai kasa tashi alhali bai ƙara shan komai ba?

Wannan shi ne babban makircin saurin sha. Barasar da aka haɗiye takan ɗauki minti 30 zuwa awa ɗaya, wani lokaci fiye, kafin ta gama shiga jini. Lokacin da ya yi sallama, mafi yawan abin da ya sha yana cikin hanjinsa yana jiran shiga. Yana kwance barasar na ƙara hawa. Mai sha a hankali jikinsa kan yi masa gargaɗi: jiri, tashin zuciya, barci, sai ya ajiye kofi. Mai gasa ya riga ya haɗiye abin da zai illata shi kafin gargaɗin farko ya iso. Masanin zamantakewa Dakta Emeka Dumbili ya yi rubuce-rubuce a kan irin wannan gasar sha tsakanin ɗaliban jami'a a Najeriya, inda jure wa barasa ya zama abin nuna mazantaka.

A nan ne nake son iyaye su lura da wani abu da ya shafe mu. Kuje gari ne na cuɗanya, Gbagyi da Gade da Hausawa da Fulani da ma'aikata daga ko'ina a ƙasar nan, kuma barasa a fili ake sayar da ita. A gidajen da addini da al'ada suka haramta ta, yawancin 'ya'ya ba sa kusantar ta, alhamdu lillahi. Sai dai ɗan da ya kauce ba zai zauna a fili da kwalbar giya da farantin nama na tsawon awa uku ba, domin za a gan shi. Zai zaɓi mai ƙarfi wadda ke ɓoyuwa a aljihu, ya sha a tsaye cikin gaggawa, sau da yawa a kan yunwa, jikinsa bai saba ba, sannan ya shige ɗaki ya kulle ƙofa shi kaɗai. Duk abin da ke sa barasa ta yi kisa ya haɗu a wuri ɗaya. Idan kuma aka gano, kunya kan sa a yi ta jinkiri ana cewa bari ya yi barci ya wartsake.

Hanyoyi huɗu da take bi ta yi kisa a dare ɗaya

Ta farko ita ce shaƙewa da amai. Lafiyayyen mutum ko yana barci, in wani abu ya nufi hanyar numfashinsa zai yi tari ya farka. Barasa mai yawa kan kashe wannan kariya, ga shi kuma tana tayar da amai. Wanda ke kwance rigingine sai aman ya koma huhu. Wani nan take numfashi ke tsayawa, wani kuma bayan kwana ɗaya ko biyu ciwon huhu mai tsanani ya biyo baya.

Ta biyu ita ce danne cibiyar numfashi da ke ƙasan ƙwaƙwalwa. Numfashi ya riƙa raguwa, yana yin nisa tsakani, har ya tsaya. Minsharin da mahaifiyar ta ji alama ce ta cewa harshe ya saki ya fara toshe maƙogwaro.

Ta uku ita ce faɗuwar sukarin jini. Idan mutum bai ci abinci ba, hanta ce ke ƙera sukari ta ciyar da ƙwaƙwalwa. Yayin da take fama da barasa, wannan aikin yakan tsaya. Sukari ya faɗi, sai farfaɗiya ko suma, mutane kuma su ɗauka maye ne kawai. Haɗarin ya fi yawa ga mai ciwon sukari da ke allurar insulin ko shan ƙwaya irin su gilibenkilamaid, da kuma ƙananan yara. Yaro ɗan shekara uku da ya tsinci ledar barasa ya tsotse yana zaton alewar ruwa ce, a kai shi asibiti nan take ko da yana wasa.

Ta huɗu ita ce sanyi. Barasa kan buɗe jijiyoyin fata, mutum ya ji ɗumi alhali zafin jikinsa fita yake yi. Wanda ya faɗi a waje cikin daren hunturu ko ruwan sama ya jiƙa shi, jikinsa na iya yin sanyin da zuciya ba za ta jure ba.

Akwai kuma ɗaukewar tunani. Idan barasa ta hau jini da sauri, galibi daga wajen miligiram 160, ɓangaren ƙwaƙwalwa mai ajiye sabbin abubuwa yakan daina aiki. Mutum yana tafiya yana magana, zai iya tuƙi ko faɗa, amma gobe ba zai tuna komai ba. Ga 'yan mata wannan babbar ƙofa ce ta cin zarafi.

Daga kan kantar magani

A matsayina na mai haɗa magunguna, abin da ya fi ba ni tsoro shi ne gauraye. Lambobin da na kawo a sama na barasa ce ita kaɗai. Idan aka haɗa ta da tiramadol, ko kodin, ko diyazefam, ko rochi, dukkansu wuri ɗaya suke dannewa, wato numfashi, don haka adadin da ba zai kashe ba shi kaɗai yana iya kisa. Gwamnatin Tarayya ta haramta haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin tun watan Mayun 2018, amma har yanzu masu nema suna samu ta bayan fage. Tiramadol kuma ga shi yana jawo farfaɗiya.

Ko magungunan gida ba su tsira ba. Firiton da ake sha don mura, da furometazin da ake bayarwa don amai, duk suna sa barci. Da na ba dattijuwar nan maganin aman da ta nema, da ta ɗura wa yaron da bai san inda kansa yake ba wani abin da zai ƙara nutsar da shi, in ma bai shaƙe da ruwan ba. Lemon ƙara kuzari mai kafeyin kuwa yana ɓoye barcin da ke gargaɗin mutum, sai ya ci gaba da sha, alhali ko ɗigo bai rage daga barasar da ke jini ba.

Yadda za a gane an shiga haɗari

A kira sunansa da ƙarfi, a jijjiga kafaɗa, a mintsine shi. Idan bai farka ba, ko ya buɗe ido ya sake lumshewa ba tare da magana mai ma'ana ba, wannan suma ce. A ɗora hannu a ƙirjinsa a ƙirga numfashi na minti guda cur da agogon waya. Ƙasa da sau 8 a minti, ko tazarar daƙiƙa 10 tsakanin numfashi da numfashi, alamar gaggawa ce. Sauran alamun su ne yin amai ba tare da farkawa ba, jiki ya yi sanyi da danshi, leɓe ko ƙasan farce su yi toka-toka ko shuɗi, farfaɗiya, da jini a cikin amai. Ko ɗaya daga cikinsu aka gani, asibiti za a nufa. A duba kansa kuma, domin wanda ya faɗi ya bugu jini na iya taruwa a ƙwaƙwalwarsa a zaci maye ne.

Kafin a samu mota, a kwantar da shi a gefensa, a lanƙwasa gwiwar da ke sama ta tokare ƙasa don kada ya mirgina, a ɗan ɗaga haɓarsa, bakin ya kalli ƙasa yadda amai zai zubo waje. A lulluɓe shi da bargo. Wani ya zauna tare da shi, ana duba numfashi. A cikin mota ma a gefen zai kwanta. Kada a ɗora shi a babur. Lambar gaggawa ta ƙasa ita ce 112, amma in akwai motar maƙwabci kada a tsaya jira. A nan muna da Babban Asibitin Kuje, sannan ga Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abuja a Gwagwalada.

Abubuwan da muka saba yi da yawansu cutarwa suke. Ɗura manja ko madara ko kunun tsamiya ga wanda ba ya cikin hayyacinsa hanya ce ta tura su huhu. Sa yatsa a maƙogwaro ko ba da ruwan gishiri don ya yi amai haka ne. Sheƙa masa ruwan sanyi na ƙara saukar da zafin jikin da dama ya faɗi. Kofi da goro da zagaya tsakar gida da shi ba sa ƙara wa hanta sauri ko kaɗan. Duka da faɗa kuwa a ajiye su tukuna.

A asibiti a faɗi gaskiya: me ya sha, nawa, ƙarfe nawa, da me ya haɗa. A tafi da ledoji ko kwalaben da aka gani. Babu allurar da ke karya barasa. Abin da ake yi shi ne kare hanyar numfashi, ba da iskar oksijin, auna sukari a ƙara in ya faɗi, ƙarin ruwa, da bitamin B1, har hanta ta gama aikinta. Amma idan da tiramadol ko kodin a ciki, akwai allurar naloksan da ke karya ƙarfinsu, kuma likita zai fi saurin tunaninta idan an gaya masa. In ogogoro ne ko barasar da ba a san asalinta ba, a ambata, domin ana iya samun gubar metanol a ciki, irin wadda ta kashe mutane da dama a jihohin Ondo da Ribas a 2015. Alamarta kan yi jinkiri, sau da yawa rabin yini zuwa yini guda, sai ciwon kai da ciwon ciki da dishi-dishin gani.

Bayan an dawo gida

Yayan yaron ya tambaye ni ko ƙaninsa ya zama mashayi ke nan. Na ce masa dare ɗaya bai isa a yanke wannan hukunci ba, amma ya isa a zauna a yi magana idan hankali ya kwanta. A tambaye shi sau nawa hakan ta faru a wata, da su wa, ko ya taɓa wayar gari bai tuna daren jiya ba, ko yana haɗawa da ƙwaya. Idan abin na maimaituwa, a kai shi wurin likitan ƙwaƙwalwa da ɗabi'a. Wanda kuwa ya riga ya kai ga sha kullum har hannunsa na rawa da safe, kada a kulle shi a ɗaki a yanke masa lokaci guda, domin hakan na iya jawo farfaɗiya da ruɗewa mai kisa. A ƙarƙashin kulawar asibiti ake janye irin wannan.

Na kuma roƙi yayan abu ɗaya, wanda nake roƙon duk mai karanta wannan shafi. A gaya wa matasan gida, maza da mata, cewa duk ranar da abokinsu ko ɗan'uwansu ya sha wani abu ya kasa tashi, su juya shi gefe su kira babba nan take, kuma ba za a fara da tuhumarsu ba. Abokan yaron nan sun san abin da ya sha, sun raka shi har ƙofar gida, tsoro ya sa suka watse ba su gaya wa kowa ba. Da mahaifiyarsa ba ta leƙa ɗakin don ta kai masa tuwon dare ba, sai da safe za a buɗe ƙofar.

Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya ba mu lafiya. Sai mako mai zuwa.